Babin Ƙoda Mai Shafi 30: Ta Ina Ake Kama Shi?

Ni ma'aikacin lafiya ne a Gombe, kuma cikin aikina akwai kula da ɗaliban da ake turo mana koyon aiki a asibiti, wasu daga jami'a, wasu daga kwalejojin lafiya. Kukan da na fi ji a bakinsu shi ne, "Yallaɓai, wallahi na karanta, amma da na rufe littafin komai ya gudu." In na tambayi yadda aka yi karatun, amsar kusan ɗaya ce. An buɗe babi bayan sallar isha'i, an ɗora yatsa a layin farko, ana bi kalma bayan kalma. Kafin shafi na shida ido ya yi nauyi, sai a nemi goro ko kofi ko lemon nan na ƙara kuzari. Asuba ta yi an kai shafi na goma sha biyu, an shafe rabin takardar da alƙalamin kala, kai na ciwo, ga lacca da safe.

Ƙannena, littafin jami'a ba littafin labari ba ne da za a ce in ka leƙa ƙarshe ka ɓata wa kanka daɗin. Marubucinsa ya jera shi da kanun sassa da zane da teburi da taƙaitawa domin a shiga ta inda ya fi sauƙi. Tun 1946 wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka, Francis Robinson, ya tsara wata hanyar karatu da ake kira SQ3R, kuma har yau ana koyar da ita. Gundarinta shi ne ka fara kewaya babin, ka ƙirƙiro tambayoyi, ka karanta kana neman amsarsu, ka rufe littafi ka faɗo abin da ka samu, daga baya ka yi bita. Bari mu gwada ta a kan babin da ya fi ba ɗalibanmu wahala, wato yadda ƙoda ke haɗa fitsari. Mu ɗauka shafinsa 30 ne.

Minti goma zuwa sha biyar na farko ba na karatu ba ne, na kewaye ne. Wanda ya shiga babbar kasuwar Gombe da kuɗinsa a hannu ba ya saye a rumfar farko, sai ya zagaya ya ga inda 'yan hatsi suke da inda 'yan yadi suke, ya ji farashi. Haka za ka yi. Karanta taken babin da manufofin da aka jera a farkonsa in akwai. Tsallaka zuwa ƙarshe ka karanta taƙaitawar da tambayoyin bita. Sannan ka dawo ka riƙa juya shafi kana karanta kanun sassa kaɗai, kana tsayawa a kan kowane zane da rubutun da ke ƙarƙashinsa.

A babin ƙoda za ka lura da zane ɗaya da ke ta maimaita kansa: wani ɗan ƙullin jijiyoyin jini a sama, sai bututu ya fito daga gare shi ya nannaɗe, ya sauka ƙasa ya lanƙwaso ya hau, ya sake nannaɗewa, ya zube cikin wani bututun da ya fi shi girma. Wannan shi ne nefuron, ƙaramar matatar da kowace ƙoda ke da kusan miliyan ɗaya irinta. Za ka kuma ga kanun sassan suna bin wannan bututun ne daga sama har ƙasa, suna magana a kan ayyuka uku: tace jini, mayar da abin da jiki ke buƙata cikin jini, da ƙara zuba abin da ba a so cikin bututun. Ka ga ke nan shafi 30 ɗin nan tafiya ɗaya ce ta ruwa a cikin bututu, ana tsayawa zango zango. Wanda ya fara daga layin farko sai ya yi nisa kafin ya gane haka, in ma ya gane. Ɗauki farar takarda ka zana bututun nan da hannunka, ko da ya fito a karkace, ka ajiye a gefe.

Daga nan sai tambaya, kuma a nan mafi yawan ɗalibai ke yin ha'inci. Sukan ɗauki kan sashe su manna masa "mene ne" a gaba, shi ke nan. "Mene ne tacewa?" ba ta da laifi, amma layi ɗaya ke amsa ta, ba za ta ja ka cikin shafi huɗu ba. Tambayar da ke aiki ita ce wadda ta fito daga abin da ya ɗaure maka kai lokacin kewayen. Misali, a taƙaitawar za ka ci karo da lambobi biyu: ƙodoji biyu na baligi suna tace kimanin mililita 125 a minti ɗaya, wato lita 180 a yini, alhali fitsarin da yake yi a yini bai wuce lita ɗaya da rabi ba a galibi. To ina sauran lita 178 da ɗoriya suka tafi? A wane zango na bututun aka kwashe su, kuma wa ke ba da umarnin a kwashe da yawa ko kaɗan? Ka samu tambaya biyu masu nauyi.

Sauran ka ɗauko su daga rayuwar da ka sani. Me ya sa a zafin watan Maris da Afrilu, ko da yammacin ranar azumi, fitsari kan ragu ya yi duhu? Me ya sa in muka tsoma tsinken gwaji a fitsarin mai ciwon suga mukan ga suga, amma a na mai lafiya babu? Rubuta su a gefen hagu na takardarka, ka bar fili a dama. Biyar ko shida sun isa babi guda. In malaminku ya nanata wani abu a aji, ko ka gan shi a tsofaffin takardun jarrabawa, saka shi a ciki.

Yanzu ne za ka karanta, sashe ɗaya a zama ɗaya, ba da gudu iri ɗaya ba. Ɗauki tambayar sugan nan. Kana tafe a sashen bututun farko za ka ga an ce a nan ake mayar da kusan kashi biyu cikin uku na ruwa da gishirin da aka tace, kuma a nan ake kwashe gulukos, wato sugan jini, gaba ɗaya. Rage gudu, ka iso wurin. Littafin zai gaya maka cewa akwai wasu 'yan ɗauka a jikin bangon bututun da ke ɗebe gulukos su mayar da shi cikin jini, kuma yawansu yana da iyaka. Muddin sugan jini yana daidai, suna kwashe duk wanda ya sauko. In ya haura wajen miligiram 180 a kowace desilita, abin da ke saukowa ya fara fin ƙarfinsu, ragowar sai ya wuce cikin fitsari. Sugan da ya wuce kuma yana jan ruwa ya tafi da shi, shi ya sa mai ciwon ke yawan fitsari da ƙishirwa. Wannan sakin layin ka karanta shi sau biyu ko uku. Sakin layin da ke ba da tarihin wanda ya gano abin kuwa, ka wuce shi da sauri.

Ka kula, 180 ta fito sau biyu a babin nan, ɗaya lita ce a yini, ɗaya ma'aunin suga ne a jini. Ɗalibin da ya haddace lambar tsurarta yakan cakuɗa su a ɗakin jarrabawa. Wanda ya same su a matsayin amsar tambayoyi biyu daban ba ya yin wannan.

Da ka gama sashe, rufe littafin. A rufe na ce, ba a ɗan saya da tafin hannu ba. Rubuta amsar a layi uku ko huɗu da kalmominka, ka sa alama a kan zanen bututunka inda abin ya faru. Ina ba ɗalibai shawarar su fara faɗinta da Hausa, da baki, kamar suna yi wa majinyaci bayani a ɗakin duba marasa lafiya. Kan tambayar azumi, wata ɗaliba ta faɗa mini tata kamar haka: "In ruwa ya yi ƙaranci a jiki jini yakan yi kauri da gishiri, ƙwaƙwalwa ta ji, sai a saki sinadarin ADH. Shi kuma ya je bututun ƙarshe ya buɗe wa ruwa ƙofofi ya koma jini. Fitsari sai ya ragu ya yi duhu." Wannan ta fahimta. Abin da ya rage mata shi ne ta mayar da shi Turanci da ainihin sunayen da za a nema a jarrabawa, sannan ta buɗe littafi ta ga abin da ta tsallake, ta cike da biro mai wata kala.

Dalilin rufe littafin shi ne ido yana yaudara. In ka sake kallon shafin da ka karanta jiya, komai zai yi maka kama da sananne, sai ka ɗauka ka iya. Gane abu in an nuna maka daban, ciro shi daga ka babu taimako daban, kuma na biyun ake nema a jarrabawa da gaban majinyaci. Masu binciken koyo sun daɗe da nuna cewa ƙoƙarin tuno abu yana zaunar da shi fiye da maimaita karanta shi. In ka ga taƙaitawarka ta fito da jimlolin littafin sak, kwafa ka yi. In ta kai shafi biyu a sashe ɗaya, ba ka tantance ba. In kuwa ka tsaya cak ka kasa haɗa layi ɗaya, ba komai, ka gano inda ramin yake, koma wannan sakin layin kaɗai.

Akwai inda hanyar ba ta isa ita kaɗai. Lissafin adadin magani gwargwadon nauyin yaro, ko warware wata dabarar lissafi mataki bayan mataki, dole a bi su layi layi da fensir a hannu, a kuma yi atisaye. Takardun hoto da ake rabawa a aji sau da yawa ba su da kanun sassa, a nan sai ka karanta jimlar farko ta kowane sakin layi ka raɗa masa kai da kanka a gefe. Mai karatu a waya kuma ba ya ganin faɗin babin, don haka ya fara kwafe jerin kanun a takarda kafin ya shiga.

Babi irin wannan raba shi zama uku ko huɗu na kamar minti arba'in, cikin kwana biyu, ka yi barcinka a tsakani, domin barci na cikin abin da ke zaunar da karatu a ƙwaƙwalwa. Washegari ka naɗe takardarka biyu yadda tambayoyin hagu kaɗai za ka gani, ka amsa su da ka. Minti goma ne. Bayan kwana uku ka sake, bayan mako ka ƙara. Duk tambayar da ta kayar da kai sau biyu, zagaye ta ka kai wa malami ko abokin karatu, ka ce masa ga daidai zangon bututun da ruwan ya tsaya maka.