Rantsuwa da rana, ɓaure da dare a izun Sabbi: tambayoyi da amsoshi

Malam, ina karanta "Wash-shamsi", "Wal-laili", "Wat-tini" a sallah, amma ban gane me ake rantsuwa a kansa ba. Ta ina zan fara?

Fara da wawun da ke bakin surar. Wawun rantsuwa ne, ba mai ma'anar "da" ba, kuma shi ya sa ƙarshen kalmar ya ɗauki wasalin ƙasa, kasra: shamsi, laili, tini. Daga nan sai ka bi ayoyin har ka kai inda rantsuwar ta sauka, abin da malaman nahawu ke kira jawabul ƙasam. Galibi za ka gane shi da "inna", "laƙad" ko "ma" ta korewa. A Suratul Lail yana aya ta 4: ayyukanku mabambanta ne. A Suratut Tin ma aya ta 4 ce: Mun halicci mutum a mafi kyawun tsayuwa. A Suratush Shams kuwa sai an yi haƙuri, domin ayoyi bakwai ne jere na rantsuwa, jawabin bai zo ba sai aya ta 9: wanda ya tsarkake ransa ya rabauta. Aya ta 8 ci gaban bayanin rai ce, a nan ɗalibai da yawa ke tuntuɓe su ɗauke ta jawabi.

To mene ne haɗin rana da tsarkake rai?

Duba yadda aka jero su biyu-biyu: rana da wata, yini da dare, sama da ƙasa. Da aka iso kan rai sai aka ce an kimsa masa fajirci da taƙawa, wato shi ma yana da haskensa da duhunsa. Jawabin ma biyu ne, mai rabauta da mai taɓewa. Sai surar ta rufe da Samudawa da suka soke taguwa, misalin waɗanda suka zaɓi ɓangaren duhu.

Dare ya zo a surori da dama. Ma'anarsa ɗaya ce?

A'a, aikatau ɗin da ke biye da shi za ka duba. A Shams an ce "yagshaha", yana rufe ranar kanta. A Lail an ce "yagsha" ba a faɗi abin da yake rufewa ba, sai ya game komai, aka kuma haɗa shi da yini da halittar namiji da mace, duk kishiyoyi, daidai da jawabin: mai kyauta da marowaci ba hanyarsu ɗaya ba. A Duha kuwa "saja" aka ce, dare idan ya yi tsit. Surar ta sauka bayan Annabi (SAW) ya yi rashin lafiya bai tashi dare biyu ko uku ba, har wata mata ta yi masa gori cewa an rabu da shi, kamar yadda Buhari ya ruwaito daga Jundub. Daren nan na natsuwa ne, ya dace da jawabin: Ubangijinka bai bar ka ba, bai ƙi ka ba.

Ɓauren da aka rantse da shi, wanda muke ci ne?

Magabata sun yi saɓani. An ruwaito daga Mujahid da Hasanul Basri cewa ɓauren ci ne da zaitun da ake matse mai, kuma wannan Ɗabari ya rinjayar. Ƙatada ya ce duwatsu biyu ne, na Dimashƙa da na Baitil Maƙdis. Ibn Kasir ya kawo ra'ayin da ke duba abin da ya biyo baya, Dutsen Sinina da gari amintacce, Makka: wurare uku ke nan na manzanni uku, ƙasar ɓaure da zaitun ta Annabi Isa, dutsen Annabi Musa, garin Annabi Muhammadu (SAW). A ganina ra'ayoyin ba sa karo, tunda ana ambaton ƙasa da amfaninta. Sai dai a kula, tin na ƙasar Sham dangin ɓauren dajinmu ne amma ba iri ɗaya ba, kuma ayar ba ta ce maganin wata cuta ba ne, ko da masu tallar magani sun jingina mata hakan.

Tunda Allah ya rantse da halitta, ni ma zan iya?

Ba za ka iya ba. Allah yana rantsuwa da abin da Ya so daga halittarsa don nuna aya ce ta ikonsa. Bawa kuwa hadisin Buhari da Muslim ya iyakance masa: mai rantsuwa ya rantse da Allah ko ya yi shiru. Saboda haka "aradu" ko "na rantse da kabarin ubana" duk an hana. Irin wannan rantsuwar ba ta ƙulluwa, babu kaffara a kanta, tuba ake yi. Kaffarar da ke aya ta 89 a Suratul Ma'ida, ciyar da miskinai 10 ko tufatar da su ko 'yanta bawa, in babu hali azumin kwana 3, ta wanda ya rantse da Allah ne a kan abin da zai yi ko zai bari, sannan ya karya.