Rabin kiyubit biyu da suka sarƙe: amsa ga masu tambayar Tr_B

Malam, ina da kiyubit biyu a yanayin (|00⟩ + |11⟩)/√2. Mene ne bektan kiyubit na farko shi kaɗai?

Ba shi da shi. Na faɗa har bakina ya gaji. Da yana da bekta nasa na kansa, ai da ba su sarƙe ba. Abin da yake da shi matiriks ne, ρ_A = Tr_B(ρ), wato ka cire B, kiyubit na biyu, daga ρ, matiriks ɗin su biyun, ka bar A, na farko, kuma a nan ρ_A = I/2: rabi 0, rabi 1, ta kowace fuska ka auna.

To ina |00⟩⟨11| da |11⟩⟨00| suka tafi?

Tiresin ya cinye su. Tr_B(|a⟩⟨a′| ⊗ |b⟩⟨b′|) = ⟨b′|b⟩ |a⟩⟨a′|, kuma ⟨1|0⟩ sifili ne. Shi ke nan.

Na yi lissafi da hannu, na yi da kwamfuta, amsoshin sun sha bamban. Wanne ne daidai?

Wataƙila duka biyun, sai dai ba kiyubit ɗaya kuka cire ba. A nan za mu zauna. Ka daina gwaji da yanayin Bell irin wanda ka kawo da farko, domin ρ_A da ρ_B ɗinsa iri ɗaya ne, ko ka juya su ba za ka gane ba. Ɗauki wanda ya karkata: |ψ⟩ = (|00⟩ + |01⟩ + |11⟩)/√3, A a hagu, B a dama. Da jerin 00, 01, 10, 11, ga ρ = |ψ⟩⟨ψ|, an raba shi gida huɗu:

```
          1 1 | 0 1
ρ = 1/3   1 1 | 0 1
          ----+----
          0 0 | 0 0
          1 1 | 0 1
```

In B za ka cire, kowane gida ka tara lambobin dayagonal ɗinsa, ka ajiye jimlar a mazauninsa. Na sama hagu ya ba da 2, sauran ukun kowanne 1. Saboda haka ρ_A = (1/3)[[2,1],[1,1]]. In A za ka cire, gidan sama hagu da na ƙasa dama za ka haɗa, lamba kan lamba, ka samu ρ_B = (1/3)[[1,1],[1,2]].

Ga inda ake faɗawa rami. Dukansu tiresinsu 1 ne, dukansu Tr(ρ²) = 7/9, aigenbalu ɗinsu ma ɗaya, (3 ± √5)/6, wato kusan 0.873 da 0.127. Ba dace ba ne: muddin yanayin biyun gaba ɗaya tsantsa ne, ρ_A da ρ_B suna da aigenbalu ɗaya. Don haka duk waɗannan gwaje-gwajen za su ce maka lafiya lau, alhali ka ɗauko na maƙwabci. Abin da ke tona asiri shi ne ƙirga da ido. A cikin 00, 01, 11, sau biyu A yake 0, kenan lambar farko ta ρ_A dole ta zama 2/3. In ka ga 1/3, na B ne a hannunka.

Kwamfutar kuwa, ya danganta da abin da kake amfani da shi. A Qiskit kiyubit 0 shi ne na dama, don haka wannan ρ_A ɗinmu yake bayarwa:

```python
import numpy as np
from qiskit.quantum_info import Statevector, partial_trace

psi = Statevector(np.array([1, 1, 0, 1]) / np.sqrt(3))
partial_trace(psi, [0])
```

Lura kuma, `[0]` wanda ake cirewa ne. A QuTiP, `ptrace(0)` wanda ake bari ne, kuma daga hagu ake ƙirga. Kada ka dogara da haddar wannan. Kowace manhaja ka buɗe, fara ba ta wannan |ψ⟩ ka nemi 2/3.

Tr(ρ_A²) ya gaza 1. Sun sarƙe kenan?

In yanayin biyun tsantsa ne, e. In gauraye ne, kada ka yi saurin rantsuwa. (|00⟩⟨00| + |11⟩⟨11|)/2 ma I/2 yake bayarwa, kuma babu sarƙewa ko ɗigo a cikinsa. Kwabo ne kawai aka jefa, aka saita kiyubit biyun kan abin da ya fito.

In mai riƙe da B ya auna nasa, ρ_A zai canja?

In bai gaya maka sakamakon ba, a'a. Gwada da |ψ⟩ ɗinmu: B ya fito 0 sau ɗaya cikin uku, A ya zama |0⟩, ya fito 1 sau biyu cikin uku, A ya zama |+⟩. Haɗa (1/3)|0⟩⟨0| + (2/3)|+⟩⟨+|, ka dawo kan (1/3)[[2,1],[1,1]]. Masu son aika saƙo ta nan fiye da gudun haske, ku yi haƙuri.

Zan iya dawo da ρ daga ρ_A da ρ_B?

Haba. Yanayin Bell huɗu ne, duka I/2 suke bayarwa ta kowane ɓangare. ρ_A ⊗ ρ_B zai ba ka I/4, wanda ba ko ɗaya daga cikinsu ba ne.