Rage rezolushan na laftop don batir ya daɗe: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Idan na sauke rezolushan, cajina zai ƙara daɗewa?

A rubutu, karatu da lilo a intanet, ɗan abin da za ka samu bai taka kara ya karya ba. Bar shi a kan wanda Windows ta rubuta wa (Recommended).

To ba ɗigon hoton ne ke raguwa ba?

A'a. Sikirin mai 1920×1080 an ƙera shi da ɗigo 2,073,600, kuma ko ka zaɓi 1366×768 dukansu suna nan suna aiki, hoton kawai ake miƙewa ya rufe su. A sikirin LCD, babban mai shan wuta shi ne fitilar da ke bayansa, ita kuwa babu ruwanta da rezolushan. Haske ka ƙara ta sha, ka rage ta sassauta.

Na rage, sai rubutu ya yi dishi-dishi. Sikirina ya lalace ne?

Kwantar da hankalinka, lafiyarsa ƙalau. Raba 1920 da 1366, za ka samu kusan 1.4. Wato kowane ɗigon hoto yana son ya zauna a kan ɗigon sikirin ɗaya da ɗan gutsure, dole a cakuɗa launinsa da na maƙwabcinsa. Matso da idonka kusa da harafin "l" a Word: maimakon baƙin layi siriri za ka ga gefensa ya yi toka-toka. Abin da ke ba ni haushi shi ne, mutum ya kasa karantawa sai ya ƙara haske, ya zubar da cajin da ya fito nema.

Amma rubutun ya yi mini ƙanana!

Wannan aikin Scale ne. Shiga Settings > System > Display, ka mai da Scale 125% ko 150%. Haruffa za su yi girma kuma su fito tas. Don Allah a daina taɓa Display resolution saboda wannan.

Nawa 4K ne mai inci 15, kuma nakan yi awanni babu NEPA. In mai da shi 1080?

Nan ne kaɗai ba na yanke hukunci kai tsaye. 3840×2160 ɗigo 8,294,400 ke nan, ninki huɗu cif na 1080, don haka katin hoto yana samun sauƙi na gaske idan ka sauke. Lissafin ma ya fita daidai, ɗigo huɗu su tsaya wa ɗaya. Duk da haka wasu na'urorin sukan shafe gefen haruffa sai an kunna integer scaling, wato saitin da ke ninka kowane ɗigo cif ba tare da cakuɗa launi ba, a manhajar katin hoton, kuma ko an kunna, rubutu ba zai kai laushin 4K da Scale 200% ba, alhali girmansu ɗaya ne a ido.

Ribar ta danganta da aikinka. In gem kake bugawa ko aikin 3D, sauke shi, bambancin yakan fito fili, kuma gara ka sauke a cikin saitin gem ɗin. In PDF ne da Word, hoton a tsaye yake yawancin lokaci, katin kusan hutawa yake. Sannan sikirin 4K yakan buƙaci fitila mai ƙarfi don haske ya ratsa ƙananan ɗigonsa, wannan kuwa saiti ba ya cire shi.

Saboda haka gwada da kanka. Cire caja, tsai da haske wuri ɗaya, buɗe aikin da ka saba, ka duba wat nawa batir ke fitarwa a manhaja irin HWiNFO, minti 15 a 4K, minti 15 a 1080. A ɗauka batirinka 50 Wh ne. Idan yana jan wat 10, awa 5 ke nan. Idan saukewar ta mai da shi 9.5, ka samu awa 5 da minti 16. Ni dai ba zan sayar da idona a kan minti 16 ba. Idan kuwa ya faɗo zuwa 8, awa 6 da minti 15 ne, sai ka sauke duk ranar da babu wuta. Kada ka gwada lokacin da Windows ke sauke sabuntawa, awon zai ruɗe ka.

Me zan taɓa kenan?

Haske tukuna. Sai Advanced display: in sikirinka na kan 120 ko 144 Hz, wato sau nawa yake sabunta hoto a daƙiƙa ɗaya, mai da shi 60. In OLED ne, yi amfani da baƙin bango, domin baƙin ɗigo a kashe yake. A LCD dabarar ba ta aiki.

Na yi duka, awa ɗaya ya mutu.

To ka bar sikirin ya huta, musamman in laftop ɗin na hannu ka saya. Rubuta wannan a Command Prompt:

```
powercfg /batteryreport
```

Buɗe fayil ɗin da ya ba ka, ka kwatanta DESIGN CAPACITY da FULL CHARGE CAPACITY. In na biyun bai kai rabin na farko ba, batirin ne ya gaji, sai canji.