Takardun shaidar Agile da Scrum

Takardun shaidar Agile da Scrum takardu ne da wasu ƙungiyoyi masu zaman kansu ke bai wa ma'aikaci bayan ya ci jarrabawa a kan tsarin gudanar da aikin tawaga zango-zango, musamman a harkar ƙera manhaja. Ba gwamnati ke bayar da su ba, kuma babu dokar da ta hana wanda ba shi da su yin aiki. Fitattu daga cikinsu su ne CSM ta ƙungiyar Scrum Alliance da PSM I ta ƙungiyar Scrum.org. Ko da yake sunan duka biyun yana nuni ga mai kula da tsarin aikin tawaga, wato Scrum Master, masu rubuta manhaja da masu gwada ta da masu zana fasalinta su ma suna zaman jarrabawar.

Asali

A 1986 wasu malaman Japan biyu, Hirotaka Takeuchi da Ikujiro Nonaka, suka wallafa wata maƙala a mujallar Harvard Business Review a kan yadda kamfanoni irin su Honda da Canon ke fito da sabbin kayayyaki. Sun lura cewa ƙananan tawagogi masu haɗa gwanaye iri-iri sun fi sauri a kan tsarin da kowane sashe ke gama nasa ya miƙa wa na gaba, suka kwatanta hakan da wasan ragbi, inda 'yan wasa ke tafiya da ƙwallo gaba ɗaya. Daga wannan wasa aka ɗauko sunan Scrum. Jeff Sutherland ya jarraba tsarin a kamfanin Easel a 1993, sannan shi da Ken Schwaber suka gabatar da shi a taron masana manhaja na OOPSLA na 1995 a birnin Austin da ke jihar Texas.

A watan Fabrairun 2001 mutum 17 suka hallara a Snowbird ta jihar Utah, har da waɗannan biyun, suka rubuta sanarwar Agile mai ƙima huɗu da ƙa'idoji 12. Ba da jimawa ba, wajen 2002, Schwaber tare da Mike Cohn da Esther Derby suka kafa Scrum Alliance, aka fara kwas ɗin kwana biyu da ya zama CSM. A shekarun farko halartar kwas ɗin kaɗai ta wadatar, mutum ya zauna kwana biyu ya tashi da takarda. Jarrabawa ta biyo baya ne can wajen ƙarshen shekarun 2000, ba a kuma tsaurara sharaɗin cin ta ba sai daga baya.

A 2009 Schwaber ya fice ya kafa Scrum.org. Bambancin da ya shigo da shi shi ne ya raba koyarwa da auna sani: mutum na iya zaman jarrabawa ko da bai taɓa shiga aji ba, amma makin ci yana da tsauri. A 2010 shi da Sutherland suka fitar da Scrum Guide, ƙaramin kundin ƙa'idojin tsarin, aka yi masa gyare-gyare a 2011, 2013, 2016, 2017 da Nuwamban 2020. Bugun 2020 ya sauya abubuwan da har yau ke kayar da masu karatu da tsofaffin takardu. Ya cire tambayoyi uku da aka saba yi a taron kullum, ya daina maganar wata ƙaramar tawaga a cikin tawaga, ya kuma ƙara da babban burin haja wanda a allo ake rubuta shi Product Goal.

Fasalin jarrabawar

CSM tana buƙatar kwas na kimanin awa 16 a hannun malamin da ƙungiyar ta amince da shi, sai tambayoyi 50 cikin minti 60, a ci 37 aƙalla. Ana sabunta takardar duk bayan shekara biyu da kuɗi da kuma shaidar ƙarin karatu. PSM I tana da tambayoyi 80 cikin minti 60, makin ci kashi 85 cikin 100, wato amsa 68 daidai, kuma takardarta ba ta da wa'adi. Idan aka raba lokacin, kowace tambaya daƙiƙa 45 take samu, don haka wanda ya dogara da buɗe kundi yana duba amsa lokaci zai ƙare masa tun bai kai rabi ba. Ta intanet ake yin dukansu, kuɗin PSM I kuma da dala ake biyansa.

Ga masu ƙera manhajar da kansu akwai PSD I da CSD, masu ƙarawa da batun gwaji da haɗa aikin mutane da yawa wuri guda. PMI-ACP ta PMI, cibiyar masana gudanar da ayyuka, tana haɗa Scrum da wasu tsare-tsare kamar Kanban da XP.

Abin da hadda ke iya ɗauka

Akwai ɓangaren da hadda ce zalla. Zango, wanda a allo sunansa Sprint, ba ya wuce wata ɗaya. A zango na wata guda, taron tsara aiki ba ya wuce awa 8, taron duba abin da aka yi awa 4, taron waiwaye awa 3, taron kullum kuwa minti 15 ne ko yaya tsawon zangon yake. Tawaga yawanci mutum 10 ne ko ƙasa da haka. Waɗannan ana iya haddace su a yini ɗaya, amma ba za su kai mutum maki 68 ba.

Abin da ake aunawa bayan hadda

Tambayoyi masu wuya sukan zo ne a sigar labari: ga abin da ya faru a tawaga, me ya kamata a yi? Amsoshin da aka jera duk suna kama da hankali, domin kowace an taɓa ganin ana yin ta a wani ofis. Abu na farko da ake son ganewa shi ne ko mai jarrabawar ya san wa ke da ikon yanke wace shawara. Product Owner, wato mai alhakin hajar, shi ke jera ayyuka bisa muhimmanci, shi kaɗai kuma ke da ikon soke zango. Masu yin aikin, waɗanda kundin ke kira Developers, su ke faɗin yawan abin da za su iya ɗauka da yadda za su yi shi. Scrum Master ba ya raba wa kowa aiki, nasa shi ne ya ga tawagar ta fahimci tsarin, ya kuma taimaka a kawar da abin da ke tare mata hanya. Wanda ya daɗe a wurin da shugaba ke faɗa kowa ya bi, hannunsa yakan tafi ga amsar da ta ce a kai wa manaja, kuma kusan kullum wannan amsar ba daidai ba ce.

Abu na biyu shi ne rarrabe ƙa'ida da al'ada. Ƙiyasin aiki da maki, auna saurin tawaga, tsayuwa a ƙafa lokacin taron kullum, da zangon share fage kafin na farko, duk abubuwa ne da suka yaɗu a kamfanoni, amma babu wanda kundin ya wajabta. Tambaya na iya rataya a kan kalma ɗaya, must ko may, wato dole ko halal. A nan ma'aikacin da ya ƙware yakan fi sabon shiga faɗuwa, don yana amsawa da abin da ake yi a wurin aikinsa.

Misali zai fi fito da abin. A ɗauka akwai tawaga ta mutum bakwai tana gina manhajar biyan kuɗi ta waya, zangonta mako biyu ne, burin wannan zangon kuma shi ne mai amfani ya iya tura kuɗi zuwa wani banki. A rana ta shida manajan sashen kasuwanci ya je wurin ɗaya daga cikin masu rubuta manhajar ya ce a ƙara masa shafin sayen katin waya, domin akwai tallar da za ta fita. Zaɓin da jarrabawa za ta jera su ne: ya yi aikin da dare ba tare da kowa ya sani ba, ko Scrum Master ya ƙi a madadin tawaga, ko a ƙara wa zangon kwana uku, ko a tura manajan ga Product Owner. Na ƙarshen ne daidai, amma sanin dalilin faɗuwar sauran ukun shi ne abin da ake nema. Aikin ɓoye yana sa jerin ayyukan ya daina nuna gaskiyar abin da ake yi, duk shawarar da aka gina a kansa kuwa za ta karkace. Ƙin da Scrum Master zai yi ƙwace ikon wani ne. Ƙarin kwana kuma babu shi, tsawon zango ba ya motsi. Sai dai amsar da ta ce ba a taɓa sauya komai a tsakiyar zango ita ma kuskure ce. Product Owner da masu aikin suna iya sake daidaita abin da zai shiga, muddin burin tura kuɗin bai shiga haɗari ba.

A ci gaba da labarin. Ranar ƙarshe ta zo, an rubuta sashen tura kuɗi, amma ba a yi masa gwajin tsaro ba, alhali gwajin yana cikin sharaɗin kammalawa da tawagar ke bi, wato Definition of Done. Mutane da yawa sukan zaɓi a nuna shi a taron duba aiki a ce saura kaɗan, ko a ba tawagar rabin maki. Kundin 2020 ya fayyace cewa abin da bai cika sharaɗin ba ba a sakinsa, ba a ma gabatar da shi a taron, yana komawa babban jerin ayyuka ne don a sake duba matsayinsa. Ba ya kuma faɗawa zango na gaba kai tsaye. Hikimar ita ce idan aka saba kiran abin da bai gamu ba gamamme, masu zuba kuɗi za su ɗauka saura mako biyu a fito da haja alhali akwai tulin gwaji da gyara a ɓoye. Alamar da ake gane wannan cuta da ita a tawaga ita ce ware zango na musamman a ƙarshe don gyare-gyare, abin da jarrabawar ke ɗauka a matsayin shaidar cewa sharaɗin kammalawar ya yi rauni.

Duk waɗannan suna komawa ne ga ginshiƙai uku da kundin ya ambata: a bayyana halin da aiki ke ciki a fili, a duba shi akai-akai, a gyara hanya bisa abin da aka gani. Mai jarrabawar da ya riƙe su yakan iya fito da amsar tambayar da bai taɓa gani ba, ta hanyar tambayar kansa wane zaɓi ne ke ɓoye gaskiya, wanne ne ke jinkirta dubawa, wanne ne kuma ke ɗauke shawara daga hannun mai ita.

A matakai na sama tambayoyin sukan ƙara tsawo. PSM II tana da tambayoyi 30 cikin minti 90, galibi labaran rikici tsakanin tawaga da shugabanni. PSM III tana neman amsa a rubuce.

Saɓani

Masu suka na cewa kwas na kwana biyu ko jarrabawar awa ɗaya ba sa nuna mutum zai iya sasanta abokan aiki biyu da suka daina magana, ko ya faɗa wa shugaba cewa ranar da ya sa ba za ta yiwu ba. Masu kare takardun na cewa matakin farko ne kawai, amfaninsa shi ne tawaga ta yi magana da harshe ɗaya. Akwai kuma taƙaddama a kan sabuntawa da kuɗi duk shekara biyu, wadda Scrum Alliance ke yi, Scrum.org kuwa ba ta yi.