Takardar miƙa aiki: yadda dashbod ɗinmu ke sabuntawa cikin dare, da wuraren da yake yaudara

Yaya, tunda ranar Alhamis za ka bar ofishinmu na Makka, me ke faruwa ne daga lokacin da muka tashi aiki zuwa lokacin da alƙaluma suka sauya a dashbod?

Matakai uku ne, ƙanwata, kuma babu wanda ya san halin da ɗan'uwansa ke ciki. Agogo kawai ya jera su.

Kafin ƙarfe 11 na dare, otal 14 da muke sauke masu Umara a cikinsu, tara a Makka biyar a Madina, kowanne zai ajiye fayil ɗin CSV na waɗanda ke kwana a wurinsa a cikin foldar haɗin gwiwa. Ƙarfe 1:00 na dare sai sabarmu ta ɗauki fayilolin ɗaya bayan ɗaya bisa jerin sunansu, daga `MAK01` zuwa `MAK09`, sannan `MED01` zuwa `MED05`. Kowane fayil da ta ɗauka, tana goge tsofaffin layukan wannan otal a rumbun PostgreSQL, ta zuba sababbi, ta rubuta layi ɗaya a teburin `load_log`. A ranar da babu cunkoso wannan bai wuce minti 25 ba. Ƙarfe 2:00 kuma Power BI ya kwashi abin da ya tarar a rumbun, ta hanyar manhajar `On-premises data gateway` da ke kan kwamfutar ɗakin ajiya. Wannan kwamfuta ba a kashe ta, ko da mai shara ya nemi wurin jona na'urarsa.

Idan kika buɗe jadawalin sabar za ki ga wannan:

```
0 22 * * * /opt/etl/load_hotels.sh
```

Kada ki ce kuskure ne ki gyara. Agogon sabar a kan UTC yake, Saudiyya kuma tana gaba da shi da awa uku duk shekara, don haka 22 ɗin nan shi ne ƙarfe 1:00 na darenmu.

Idan na ga `Completed` a `Refresh history`, ai shi ke nan komai lafiya ko?

A'a. Wannan kalma tana nufin Power BI ya yi nasarar kwafe abin da ke cikin rumbu. Ba ta ce abin da ya kwafa na yau ne ba, ba ta kuma ce cikakke ne ba. Mafi yawan ɓarnar da dashbod ɗin nan ke yi, yana yin ta ne a daren da ya nuna ya kammala lafiya.

Ɗauki dare ɗaya a goman ƙarshe na Ramadan. Fayiloli sun yi nauyi, zuba su ya ɗauki minti 80 maimakon 25, wato sai ƙarfe 2:20 aka gama. Shi kuwa Power BI bai jira kowa ba, ya karanta teburin misalin 2:05. A lokacin an gama duk na Makka da biyu na Madina, saura `MED03`, `MED04` da `MED05` suna riƙe da layukan jiya. A ce mutum 180 sun bar waɗannan otal uku da rana sun iso Makka. Sunayensu sun shiga sababbin fayilolin Makka, kuma ba a goge su daga Madina ba tukuna. Jimillar da ya kamata ta zama 2,400 sai ta fito 2,580. Mai kula da abinci ya duba da safe, ya ba da odar buɗa-baki na mutum 180 a Madina, alhali mutanen suna ɗawafi a Makka. Babu saƙon kuskure ko ɗaya da zai zo miki.

Haka abin yake idan wani otal bai aiko da fayil ba sam. Sabar ba ta kuka, tana barin layukansa na jiya yadda suke.

Saboda haka kowace safiya, kafin ki amsa wa kowa tambaya a kan wani adadi, ki gudanar da wannan:

```
SELECT hotel_code,
       max(finished_at AT TIME ZONE 'Asia/Riyadh') AS gama
FROM load_log
GROUP BY hotel_code
ORDER BY gama;
```

Layi 14 za ki gani. Ki dubi na sama: idan kwanan watansa ba na yau ba ne, wannan otal bai aiko ba, sai a kira su. Ki dubi na ƙasa: idan lokacinsa ya wuce 2:00, dashbod ya kwashi rabin aiki, sai ki danna `Refresh now` da hannunki. Wata alama mai sauƙi ita ce lambar fasfo ɗaya ta bayyana a otal biyu a dare guda.

Me ya sa shafin masu isowa yau yakan nuna mutanen jiya a intanet, amma a kwamfutata daidai yake?

Nan ma agogo ne, sai dai ta wata fuska. Power BI Desktop da ke kan kwamfutarki yana bin agogon kwamfutar, wato na Saudiyya. Power BI na intanet kuwa a kan UTC yake lissafi. Ƙarfe 2:00 na daren da ke wayewa Talata a nan, a wurinsa ƙarfe 11 ne na daren Litinin. Duk wanda ya tambaye shi "yau" a wannan lokaci, Litinin zai ce.

Abin ya kasu biyu, kuma ya kamata ki iya bambanta su. Idan an yi amfani da `TODAY()` a cikin ma'aunin da ake lissafawa lokacin da mutum ya buɗe shafi, kuskuren daga sha biyun dare ne zuwa ƙarfe 3:00, daga nan ya gyara kansa. Idan kuwa a cikin ginshiƙin tebur aka sa shi, ana lissafa shi ne sau ɗaya lokacin sabuntawa, sai kuskuren ya daskare har dare na gaba. Na biyun ne ke sa a wuni ana kallon mutanen jiya.

A dashbod ɗinmu akwai ƙaramin tebur mai suna `Yau`, layi ɗaya ne a cikinsa, kuma ga yadda yake samo kwanan wata a Power Query:

```
Date.From(DateTimeZone.RemoveZone(
  DateTimeZone.SwitchZone(DateTimeZone.UtcNow(), 3)))
```

Kada ki cire `RemoveZone` don layin ya gajarta. In babu shi, `Date.From` zai mayar da lokacin zuwa agogon na'urar da ke lissafi, ki koma gidan jiya. Duk sabon shafin da za ki gina, daga `Yau` zai ɗauki kwanan wata. Shafin sufuri har yanzu yana da tsohon `TODAY()` a ginshiƙai biyu, yana jiran gyara.

To me zai hana a mayar da sabuntawar ƙarfe 3:30 kawai, a huta da matsalolin biyu?

Tunanin daidai ne: bayan ƙarfe 3:00 kwanan watan UTC ya zo ɗaya da namu, kuma sabar ta sami awa biyu da rabi ta gama aikinta. Abin da ya hana shi ne masu tsara motocin asuba suna buɗe dashbod tun 2:30. Shawarata ita ce a bar na 2:00 a ƙara na 3:30. Lasisinmu na Pro ya yarda da sabuntawa takwas a rana, ba mu kusa da iyaka.

Amma ki san abin da wannan ke jawowa. Power BI yana kashe jadawalin sabuntawa da kansa idan ya gaza sau huɗu a jere. Da sabuntawa ɗaya a dare, kina da dare huɗu kafin hakan. Da biyu, dare biyu ne kacal, daidai tsawon hutun Juma'a da Asabar. Idan wuta ta ɗauke wa kwamfutar ɗakin ajiya da yammacin Alhamis, za ki dawo Lahadi ki kunna ta, komai ya yi kamar ya dawo, amma jadawalin a kashe yake kuma ba zai kunna kansa ba. Duk safiyar Lahadi ki leƙa saitin ki tabbatar a kunne yake.

Otal uku suna aiko da kwanan wata na Hijira. Yaya ake yi da su?

Idan shekara ta gaza 1500, sabar tana ɗaukar ta a matsayin Hijira, ta nemo daidanta na Miladiyya a teburin `hijri_calendar`, wanda aka cika bisa kalandar Ummul Ƙura. Ba a barin kwamfuta ta fassara da kanta, domin za ta ɗauki 1447 a matsayin shekarar Miladiyya, ta kuma ƙi karɓar 30 ga Safar tunda a wurinta wata na biyu ba ya kai kwana 30.

Rauni biyu ne a nan. Teburin ya ƙare a ranar ƙarshe ta shekarar 1448, kuma duk layin da bai sami abokinsa a ciki ba, zubar da shi ake yi shiru. Ki ƙara shekaru tun kafin Zulhajjin 1448, domin ajiyar ɗakuna na Muharram tana fara shigowa da wuri. Na biyu, Ummul Ƙura lissafi ce, farkon Ramadan da Shawwal da Zulhajji kuwa sanarwar ganin wata ake bi, wani lokaci a sami bambancin kwana ɗaya. A waɗannan watanni ki tambayi otal ukun wanne suke rubutawa.

Ranar da za a rufe asusunka, me zai tsaya?

Sabuntawar Power BI, domin da sunana take gudana, kuma saƙon gazawa zuwa imel ɗina yake zuwa, akwatin da babu mai buɗewa bayan Alhamis. Mu yi wannan tare ranar Talata, don a sami dare biyu na gwaji ina nan.

Ki shiga saitin bayanan dashbod ɗin ki danna `Take over`. Bayan nan ki sake shigar da izininki a `Data source credentials` saboda fayil ɗin farashin ɗakuna da ke kan SharePoint, wanda da asusuna ake karanta shi. Ki tabbatar an ba ki izinin amfani da haɗin rumbun a kan `gateway`, an kuma sa ki cikin masu kula da shi. A wurin saƙon gazawa ki ƙara imel ɗin sashenmu gaba ɗaya, kada ya tsaya a kan mutum ɗaya kuma. Sai ki danna `Refresh now` ki jira ya kammala, ki sake duba cewa jadawalin na kunne kuma yankin lokacinsa na Riyad ne.

Akwai kuma `recovery key` na `gateway`, wanda aka zaɓa ranar da aka girka shi. Microsoft ba ya ajiye kwafinsa. Idan kwamfutar ɗakin ajiya ta lalace, da shi ake mayar da `gateway` a wata sabuwa, in babu shi sai an sake gina kowane haɗi daga farko. Yana cikin ambulan a akwatin ƙarfen manaja. Ki buɗe a gabansa ranar Talata ki tabbatar rubutun na karantuwa.