Ma'anar "gyaran kwangila" a kasuwar zaɓin hannun jari

Kwangilar zaɓi alkawari ce tsakanin mutum biyu a kan hannun jarin wani kamfani. Ɗaya ya biya kuɗi ya sayi damar saye ko sayar da hannun jarin a wani farashi da aka yanke, kafin wata rana da aka ajiye. Ɗayan kuma ya karɓi kuɗin ya ɗauki nauyin cikawa duk lokacin da aka nema. A allon dillali zaɓin saye shi ne call, zaɓin sayarwa kuma put. A kasuwannin Amurka kwangila ɗaya tana tsaye ne a kan hannun jari 100, don haka zaɓin saye mai yankakken farashi na dala 50 yana nufin ka ba da dala 5,000 a miƙa maka hannun jari 100.

Sai dai shi kamfanin ba ya cikin wannan alkawari, ba kuma zai jira wa'adin ya cika kafin ya yi abin da ya ga dama ba. Yana iya tsaga kowane hannun jari gida huɗu, ko ya dunƙule takwas su koma ɗaya, ko ya raba wa masu jari wani babban kuɗi, ko ma wani kamfani ya saye shi ɗungurungum. Idan aka bar kwangilar yadda take, ɗaya daga cikin mutum biyun zai wayi gari da ribar da bai yi wa gumi ba, ɗayan kuma da asarar da bai ji ba bai gani ba. Gyaran kwangila shi ne sauya sharuɗɗanta domin kowa ya tsaya a inda yake kafin abin ya faru. A Amurka wannan aiki na OCC ne, cibiyar da ke Chicago wadda aka kafa a 1973, wadda ke tsaya wa mai saye da mai sayarwa a kowace kwangilar zaɓi da aka ƙulla a kasuwa. Duk gyaran da ta yi tana fitar da sanarwa mai lamba a kansa.

Abubuwa huɗu ne ake iya taɓawa: yawan kwangilolin da ke hannunka, yankakken farashi, adadin da ake ninka farashin da shi, da kuma abin miƙawa, wato ainihin abin da zai sauya hannu ranar cika alkawari. A ganina na ƙarshen nan ne ya fi cancantar a zuba masa ido, domin ba ya fitowa ɓaro-ɓaro a allo.

Tsagawa mai cikakken adadi ba ta da wani ruɗani. Apple ya tsaga kowane hannun jari gida huɗu a ranar 31 ga Agusta, 2020. Wanda yake riƙe da zaɓin saye ɗaya a dala 400 ya koma yana da huɗu, kowanne a dala 100, kowanne a kan hannun jari 100. Jiya dala 40,000 ce kuɗin cikawa, yau ma dala 40,000 ce. Kwangilolin sun ci gaba da zama irin na kowa da kowa, ana cinikinsu ba wata tangarɗa. Idan tsagawar ta zo da gutsure, kamar biyu su koma uku, ba a iya ba mutum kwangila ɗaya da rabi, sai a bar masa ɗayarsa a mayar da ita ta hannun jari 150, a rage farashin daidai gwargwado.

Inda gizo ke saƙar shi ne dunƙulewa. A farkon Agustan 2021 kamfanin General Electric ya mayar da kowane hannun jari takwas ɗaya. Kafin ranar ana sayar da hannun jarin a wajen dala 13, washegari ya tashi sama da dala 100, ba don kamfanin ya ƙara daraja ba, sai don yawan hannun jarin ya ragu. A irin wannan hali ba a taɓa yankakken farashi, ba a taɓa yawan kwangila, adadin ninkawa ma yana nan a 100. Abin miƙawa kawai ake ragewa. Hannun jari 100 idan aka raba su takwas sun zama goma sha biyu da rabi, to sai kwangilar ta koma ta hannun jari 12 da kuɗin rabin guda ɗaya, domin ba a miƙa gutsure. Ana kuma liƙa wa alamar kamfanin lamba, GE ta koma GE1, don a bambanta ta da sababbin kwangiloli.

Mu ɗauki wani da ya buɗe allonsa bayan dunƙulewar. Mu ce hannun jarin yana dala 104. Sai ya hango zaɓin saye mai yankakken farashi na dala 15, ana sayar da shi a 'yan santai. Abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne ya tsinci dami a kala: ya saya a 15, ya sayar a 104. Amma ga abin da kwangilar ta ƙunsa a zahiri:

```
kuɗin cikawa = 15 × 100 = 1,500
abin miƙawa  = 12.5 × 104 = 1,300
```

Zai ba da dala 1,500 ya karɓi kayan dala 1,300. Kwangilar da ta yi kama da taska tana ƙasa da kuɗinta da dala 200, kuma sai hannun jarin ya kai wajen dala 120 kafin ta fara amfanar mai ita. Shi ya sa take araha. Banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma manyan 'yan kasuwar da ke sa farashi a allon nan sun karanta sanarwar tun kafin a buɗe ciniki.

Kuskuren yana da wata fuska da ta fi ban tsoro. Wani ya ga zaɓin sayarwa na GE1 mai farashin dala 15 ana biyan sama da dala 2 a kansa, sai ya ce ai hannun jarin da ke 104 ba zai taɓa faɗowa 15 ba, bari ya sayar da zaɓin ya ci kuɗin. Bai san ya riga ya ɗauki alkawarin biyan dala 1,500 a kan kayan dala 1,300 ba, kuma mai zaɓin yana da damar neman haƙƙinsa a ranar. Haka nan wanda yake da hannun jari 100 tun da farko ya sayar da zaɓin saye a kansu, gyaran bai cuce shi ba, guda 12 ɗinsa da ɗan kuɗin sun isa cika tsohon alkawari. Amma idan wa'adin ya ƙare ya je ya sayar da sabuwar kwangila ta yau da kullum, ya ɗauki nauyin miƙa guda 100 alhali 12 ne a hannunsa. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin ƙananan masu jari ne suka fi faɗawa ciki, kuma karatun shafi ɗaya zai hana shi.

Rabon riba kuwa iri biyu ne a wurin OCC. Wanda kamfani ya saba biya duk bayan wata uku ba a gyara kwangila a kansa, saboda kasuwa ta san da zuwansa ta riga ta sa shi cikin farashin zaɓin. Na musamman, wanda ba ya cikin tsarin da kamfanin ya saba, shi ake yi wa gyara, muddin ya kai dala 12.50 a kowace kwangila, wato santi 12 da rabi a kowane hannun jari. Kuma ba sunan da kamfani ya raɗa wa kuɗin ake bi ba, cibiyar ce ke duba ko ya saba biyan irinsa. Costco ya sanar da rabon dala 15 a kowane hannun jari a Disambar 2023. Ranar da hannun jari ya fara ciniki ba tare da haƙƙin irin wannan kuɗi ba, farashinsa yana sauka da kusan adadin, don kuɗin sun fita daga asusun kamfani. Sai a sauke yankakken farashi da adadin nan ɗaya, 650 ya koma 635. Mai zaɓin saye bai karɓi ko santi daga rabon ba, an dai hana faɗuwar ta cutar da shi. Mai zaɓin sayarwa kuma da ya yi zaton zai ci ribar faɗuwar, an janye masa farashin daidai nisan da hannun jarin ya sauka.

Idan kamfani ya sayi wani ya biya da hannun jarinsa, abin miƙawa ne ke sauyawa. ExxonMobil ya kammala sayen Pioneer Natural Resources a Mayun 2024, yana ba da hannun jarinsa 2.3234 a kan kowane ɗaya na Pioneer. Tsohuwar kwangila ta koma ta hannun jarin Exxon 232 da kuɗin gutsuren da ya rage, yankakken farashi kuma yana nan yadda yake. Wanda ya kwatanta wannan farashi da farashin Exxon guda ɗaya ya koma gidan jiya, ya yi kuskuren GE1 ta wata ƙofa.

Saye da tsabar kuɗi ne inda gyaran ya kasa mayar wa kowa abinsa, kuma gara a faɗi haka a fili. Lokacin da aka kammala sayen Twitter a Oktoban 2022 a kan dala 54.20, abin miƙawa ya zama tsabar kuɗi dala 5,420 a kowace kwangila. Kuɗi ba ya hawa ba ya sauka, don haka lokacin da ya rage wa kwangila ya daina zama abin saye, OCC kuma takan jawo wa'adin kwangiloli masu nisa ya matso kusa. Zaɓin saye a dala 50 ya tsaya a dala 420 cif. Zaɓin saye a dala 55 ya zama ba komai, ko da sauran fiye da shekara guda a wa'adinsa, ko da mai shi ya biya kuɗi mai yawa saboda wannan tsawon lokaci. Babu wanda ke biyansa diyya, kuma wanda ya sayar masa ya riƙe kuɗinsa gaba ɗaya.

Kwangilar da aka gyara tana da alamomin gane ta: lamba a bayan alamar kamfani, yankakken farashi mai wutsiya irin 33.33, ko farashin zaɓi da ya yi hannun riga da farashin hannun jari. Wasu dillalai suna rubuta adj ko NS a gefenta. Da zarar ka ga ɗaya daga cikinsu, nemi sanarwar OCC da alamar kamfanin, ka duba layin da ya faɗi abin miƙawa, ka ƙiyasta darajarsa a farashin yau, sannan ka kwatanta da yankakken farashi ninki adadin ninkawa. Ka kuma sani cewa ba a buɗe sababbin farashi ko sabon wa'adi a jerin da ya koma ba irin na kowa ba, masu cinikinsa suna raguwa, tazarar da ke tsakanin tayi da sallama tana faɗi, wasu dillalan ma rufewa kawai suke bari a yi. Wanda yake son fita ya rubuta farashin da ya yarda da shi a odarsa, kada ya bar ta a kan duk abin da kasuwa ta bayar.