Waiwaye: yadda hujjar indakshan ta samo asali, daga Bagadaza zuwa allon ajinmu

Duk wanda ya yi lissafi a ajin farko na jami'a, ko ATBU ce nan Bauchi ko jami'ar jiha da ke Gombe, ya haɗu da abin nan da ake kira indakshan, wato hanyar tabbatar da cewa magana gaskiya ce a kan dukkan lambobin ƙirga, kuma kusan kullum da misalin domino ake gabatar da shi. Domino dai ƴan ƙananan katakai ne masu faɗi da ake tsayarwa a jere, ka ture na farko ya faɗa kan na biyu, na biyu ya ture na uku, haka har ƙarshen layi. Wanda bai taɓa gani ba ya tuna masu buga bulo a bakin hanyar Jos, in an tsayar da bulo a tsaye kusa da kusa, ɗaya ya kife to sauran ma sun tafi. Abu biyu kawai ake buƙata kafin duka su zube: na farko ya faɗi da gaske, sannan tazarar da ke tsakani ta zama daidai yadda kowanne in ya faɗi dole ya taɓa na gabansa. Shi ke nan fa. Amma wannan abu biyun da yanzu ake rubutawa a allo cikin minti biyar, sai da masana suka ɗauki ɗaruruwan shekaru kafin wani ya zauna ya faɗe su ƙarara, kuma ni a ganina wanda ya san yadda aka yi aka zo nan ba zai ƙara yi wa indakshan haddar aku ba.

Matsalar da ta haifar da shi tsohuwa ce. Lambobi ba su da iyaka, to yaya za ka ce magana gaskiya ce a kan dukkansu alhali ba za ka iya gwada su duka ba? Ɗauki lambobin mara, wato 1, 3, 5, 7 da sauransu, ka riƙa tarawa. 1 da 3 sun ba da 4, ka ƙara 5 ya zama 9, ka ƙara 7 ya zama 16. Kowa zai lura 4 biyu sau biyu ne, 9 uku sau uku, 16 huɗu sau huɗu, sai zuciya ta ce ai haka abin yake har abada. To a nan ne ake zamewa, don lura daban hujja daban.

Ga abin da ya sa malaman lissafi ba sa yarda da “na gwada da yawa ya yi”. Fermat, wani Bafaranshe na ƙarni na 17, ya duba lambobin 3, 5, 17, 257 da 65537 waɗanda duk tsari ɗaya ne ya fitar da su, ya ga babu wadda take rabuwa sai da 1 da ita kanta, sai ya yi zaton duk na gaba ma haka suke. A 1732 wani masanin lissafi mai suna Euler ya nuna ta shidan, 4294967297, tana rabuwa da 641 ba saura. Shi Euler ɗin ma yana da wani misali da ya fi wannan ban tsoro, n² + n + 41. Sa 0 a madadin n, sa 1, sa 2, ka yi ta tafiya har 39, kowane karo lambar da ba ta rabuwa za ka samu, sau arba'in cur ba kuskure, kana sa 40 sai ga 1681 wanda shi ne 41 sau 41. Domino arba'in sun faɗi amma kowanne da hannu aka ture shi, babu wanda ya ture ɗan'uwansa, shi ya sa layin ya tsaya.

Mutumin da ake yawan farawa da shi a wannan tarihi shi ne Abubakar al-Karaji, wanda ya yi aiki a Bagadaza wajen shekara ta 1000 miladiyya. A littafinsa al-Fakhri ya kawo hujjar cewa in ka tara 1³ + 2³ + 3³ har zuwa inda ka ga dama, abin da za ka samu daidai yake da ka tara lambobin su kansu ka ninka jimlar da kanta. Misali 1 + 8 + 27 + 64 = 100, shi kuma 1 + 2 + 3 + 4 = 10, goma sau goma ɗari. A zamaninsa babu harafin n da muke jingina da shi yau, to sai ya ɗauki 10 a matsayin wakiliyar kowace lamba, kuma yadda ya yi ɗin ya cancanci a tsaya a kai.

Jimlar 1 zuwa 10 ita ce 55, sai ya zana murabba'i mai gefe 55, faɗinsa duka 3025. A kusurwarsa akwai ƙaramin murabba'i mai gefe 45, wato jimlar 1 zuwa 9, faɗinsa 2025. In ka cire ƙaramin daga babban abin da ya rage wani yanki ne mai lanƙwasa kamar kwana, hannu biyu kowanne 10 sau 45, da ɗan murabba'i 10 sau 10 a inda suka haɗu. 450 da 450 da 100, dubu ɗaya cif, wato 10³. Sai ya koma kan mai gefe 45 ya sake ɓare masa irin wannan yanki, 45 sau 45 a cire 36 sau 36, ya ba da 729, wato 9³. Haka ake ta ɓarewa har a sauko kan 1. Ku lura, babu wani abu na musamman da 10 ta yi a nan, in 50 ce ko 1000 aikin ɗaya ne, kuma shi al-Karaji ya san haka. Dominonsa daga ƙarshen layi suke faɗowa zuwa farko, amma dabarar nan ta cewa kowane mataki yana rataye ne da na kusa da shi tana nan a ciki. Bayansa al-Samaw'al, a littafinsa al-Bahir na ƙarni na 12, ya adana irin wannan salon hujja a kan jadawalin lambobin nan mai siffar dala wanda yau ake jingina wa Pascal. Abin yana min ciwo yadda ɗalibanmu da suka taso da karatun allo da littattafan Larabci ke gama digiri ba su taɓa jin waɗannan sunaye a aji ba.

Daga nan sai Levi ben Gershon a kudancin Faransa a 1321, ya yi amfani da hawa mataki-mataki wajen ƙirga hanyoyin jera abubuwa. Sai Francesco Maurolico mutumin Sisili, wanda a littafinsa da aka buga a 1575 ya taɓo maganar lambobin mara ɗin nan da muka fara da ita. Masana tarihi har yanzu suna ja-in-ja kan ko nasa cikakken indakshan ne ko rabi.

Wanda babu gardama a kansa shi ne Blaise Pascal. A rubutunsa kan dalar lambobi, wanda ya yi wajen 1654 aka fitar da shi a 1665 bayan rasuwarsa, ya ce maganar da yake son tabbatarwa tana da fuskoki marasa iyaka amma zai gama da ita da gajerun matakai biyu: na ɗaya tana nan a layin farko da ake dubawa, na biyu in tana nan a kowane layi to dole tana nan a layin da ke biye. Wannan shi ne domino ɗin namu sak. Bari mu yi shi a kan lambobin mara. Abin da muke da'awa:

1 + 3 + 5 + ... + (2n − 1) = n²

Na farko, in n ɗaya ce, hagu 1 dama 1, domino na farko ya faɗi. Na biyu, a ce maganar ta tabbata a kan wata lamba k, wato jimlar ta kai k². Lambar mara da ke biye ita ce 2k + 1, ka ƙara ta, ka samu k² + 2k + 1, wanda shi ne (k + 1)² ba ragi ba ƙari. To tunda 1 ta yi, 2 ta yi, tunda 2 ta yi 3 ma ta yi, babu inda zai tsaya.

A nan ne ɗalibai ke cewa “Malam ai wannan wayo ne, mun ɗauka abin gaskiya ne tun kafin mu tabbatar”. Tambaya ce mai kyau wallahi, kuma amsarta tana cikin kalmar “in”. Ba mu ce domino na k ya faɗi ba, cewa muka yi in ya faɗi zai ture na gaba, aunin tazara kawai muke yi. Shi ya sa matakin farko ba ado ba ne ko da yake yana da sauƙi har wasu na tsallake shi a jarrabawa. Gwada wannan ƙaryar: wai n² + n kullum mara ce. In ka matsa daga k zuwa k + 1 abin da ya ƙaru shi ne 2k + 2, lambar cika ce, mara in an ƙara mata cika tana nan mara, mataki na biyu ya tafi lafiya lau. Amma sa 1 ka gani, 2 za ka samu, cika. Sa 2, ga 6. An jera domino tsaf da tazara mai kyau, ba wanda ya ture na farko, kuma babu ko ɗaya da zai taɓa faɗuwa.

Sauran tarihin gajere ne. Augustus De Morgan ne a 1838 ya raɗa wa hanyar sunan da ake kiranta da shi yanzu. Sai Dedekind a 1888 da Giuseppe Peano a 1889 suka yi tambayar da ta fi zurfi, wai me ya ba mu tabbacin cewa faɗuwar za ta kai ga kowace lamba? Peano ya sa indakshan cikin ƙa'idojin tushe na lambobin ƙirga, ma'ana lambobin ƙirga su ne daidai waɗanda ake isa gare su in an fara daga ta farko ana ƙara ɗaya-ɗaya, babu wata da ta ɓuya a gefe. Daga nan ake gane iyakarsa, ba ya aiki kai tsaye a kan lambobi masu ɗigo irin 1.5 ko 1.55, don tsakanin kowane biyu akwai wata, babu wadda za a ce ita ce “ta gaba”. Kuma ba ya nemo maka fomula, sai ka riga ka hango n² da kanka ta hanyar gwaji da lura irin wanda muka yi da 4 da 9 da 16, sannan ka kawo masa ya duba ko layin a haɗe yake.